Kujerar da Ba a Taɓa Zama a Kanta Ba: Sharhi kan Labarin Mutumin da Ya Yi Shekaru Yana Biyan Abin da Bai Mora Ba

Kwanakin baya wata matashiyar marubuciya ta kawo mini gajeren labarinta, shafi huɗu, ta ce in duba mata kafin ta sake shi. Labarin wani magidanci ne da ya sayi layin waya, ya sa masa waƙar da mai kira ke ji kafin a ɗaga, sannan ya jefa layin cikin durowa ya manta. Bayan shekara goma ya tsinci layin, ya sa a waya, sai ya tarar duk wata ana cire masa kuɗin waƙar. Ya dafe kai, ya yi salati. Labarin ya ƙare da nasiha cewa kowa ya riƙa lura da abin da ake cire masa.

Hausarta ba ta da makusa, kuma jigon da ta ɗauko jigo ne mai rai, domin da wuya ka sami gidan da wani bai taɓa gano irin wannan yoyo a aljihunsa ba. Duk da haka da na kai ƙarshe ban ji komai ba. Na daɗe ina juya takardun ina neman dalili, har na gane cewa labari irin wannan yana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku: hanyar da kuɗin ke fita, dalilin da ya hana mutumin gani, da abin da ya yi bayan ya gani. Nata duka ukun suna rawa.

Mu fara da hanyar fitar kuɗin, domin nan ne mai karatu ke fara kama marubuci. Layukan wayar da yawancinmu ke riƙe da su a Nijeriya na sa-kati-ka-kira ne. Kamfani ba ya bin ka bashin waƙa, daga kuɗin da ka sa a layin yake cira. Layin da ke kwance a durowa ba mai sa masa kati, saboda haka ɗan abin da ke cikinsa zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, cirewar ta tsaya da kanta. Ban da haka, layin da ya yi watanni ba a amfani da shi akan rufe shi, daga baya a sayar wa wani lambar. Ga kuma umarnin haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa da aka bayar a Disamban 2020, wanda ya kai ga toshe layukan da ba a haɗa ba a 2024. Ta kowace fuska ka duba, layin magidancin nan ya mutu tun kafin ya shekara goma. Duk mai sayar da kati a bakin kasuwa ya san haka, kuma da zarar mai karatu ya ce a ransa "wannan ba zai yiwu ba", ya fita daga labarin, ba kuma zai dawo ba.

Na ce mata, "Kuɗin da zai yi shekaru yana fita ba a sani ba, dole ya fita daga rijiyar da ke kawo ruwa da kanta." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, albashi ke nan." Albashi kuwa. Ma'aikacin gwamnati yakan ga saƙon banki ne kawai a ƙarshen wata, kuma abin da saƙon ke nunawa shi ne ragowar da ta iso bayan an gama yanke-yanke: haraji, fansho, kuɗin ƙungiya, bashin adashin ma'aikata. Dalla-dallar tana cikin takardar albashi, wadda ma'aikata da yawa, musamman na ƙauye, sukan yi shekaru ba su sa ta a ido ba. Abin da aka cire kafin ya zo hannunka ba ya yi maka zafi, domin ba ka taɓa ƙirga shi cikin naka ba. Irin cizon ɓera ne, yana ci yana hurawa.

A nan muka sake gina labarin tare, kuma zan bi da mai karatu ta cikinsa daki-daki, da sharaɗin cewa mutumin da alƙaluman kuɗinsa ƙirƙira ce ta labari. Mun mai da shi malamin gona a wata ma'aikatar jiha. A ƙarshen 2013 ma'aikatar ta ce za ta fara jigilar ma'aikata da doguwar mota, safe da yamma, a cikin birni. Duk mai so ya cike takarda, a riƙa cire masa naira 1,200 a wata. Malamin gona ya cike, ya sa hannu, aka ba shi ɗan kati mai hotonsa. Kafin motar ta fara aiki aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Cirewa ta fara a Janairun 2014. Shi kuwa ya kwashe iyalinsa, ya sayi babur, ya ci gaba da zagaya manoma. A Disamban 2024, yana shirin ajiye aiki bayan shekara 35, aka buƙaci takardun albashinsa don cike takardun fansho. 'Yarsa da ta gama makaranta ce ke tsara masa su a kan tabarma, ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce, "Baba, wace mota ce wannan?"

Yanzu lissafi. Daga Janairun 2014 zuwa Disamban 2024 wata 132 ne. A ninka da 1,200, ya ba da naira 158,400. Marubuci ya yi wannan lissafin da alƙalami kafin ya rubuta jimla ko ɗaya, domin akwai mai karatun da zai yi shi. Kuma girman kuɗin kansa zaɓi ne na fasaha. In aka ce naira dubu goma ake cirewa a wata, ba wanda zai yarda ƙaramin ma'aikaci bai ji a jikinsa ba tun watan farko. In aka ce naira hamsin ce, jimlarta a shekara goma sha ɗaya 6,600 ce, dariya za a yi a wuce. Abin da ake nema shi ne kuɗin da bai isa a ji shi a wata ba, amma in aka tara ya isa ya sa dattijo ya ajiye kofin shayinsa. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai wani abu a cikin lissafin da marubuciyar ba ta hango ba, kuma shi ne ya fi ba ni sha'awa. Naira 1,200 ta 2014 ba ita ce ta 2024 ba. A 2014 ana sayar da litar fetur naira 97, ke nan kuɗin kujerar wata ɗaya ya isa ya zuba wa babur ɗinsa lita goma sha biyu da ɗoriya. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira dubu a Arewa, kuɗin ya koma na lita ɗaya da ɗigo. Asarar ta fi girma a shekarun da bai sani ba, ya kuma gano ta a lokacin da ta zama ba komai. In ma aka mayar masa da 158,400 cif, an mayar masa da fatar kuɗin ne, naman ya tafi. Wannan bai kamata a bayyana shi da baki a cikin labarin ba. Ya isa a nuna mutumin yana ƙirga litoci da yatsunsa, yana tuna ranakun da ya tura babur da ƙafa a kan hanyar burji saboda mai ya ƙare. Ƙarin albashi ma ya taimaka wajen rufe yoyon: mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a 2024. Duk lokacin da adadin da ke cikin saƙon banki ya canza, tsohon ma'aunin da mutum ke riƙe da shi a kai ya goge.

Wannan ya kawo mu dutse na biyu, wanda ya fi sauran nauyi: me ya hana shi gani? A rubutunta na farko amsar ita ce mantuwa kawai. Mantuwa gaskiya ce a rayuwa, amma a labari ba ta da kitse, domin ba ta gaya mana komai game da mutumin. Kowa yana mantuwa. Abin da mai karatu ke son sani shi ne me ya sa wannan mutumin ya manta da wannan abin.

Masana tattalin arziki sun taɓa bin diddigin halayya irin wannan. A 2006 Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier suka wallafa bincike kan mutum fiye da dubu bakwai masu rajista a gidajen motsa jiki uku a Amurka, tsawon shekara uku. Suka gano cewa masu biyan kuɗin wata-wata na sama da dala 70 ba su cika zuwa fiye da sau huɗu da ɗan wani abu a wata ba. Kowane zuwa ya kama musu sama da dala 17, alhali da tikitin shiga goma-goma suka saya, dala 10 ne kowane zuwa. Kuma tsakanin ranar da mutum ya yi zuwan ƙarshe da ranar da ya soke rajistarsa akan sami fiye da wata biyu ana cire masa kuɗi. Bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne mutane suna yi wa kansu kyakkyawan zaton da ya wuce kima: gobe zan fara zuwa, wata mai zuwa zan dage. Soke rajista daidai yake da mutum ya amsa wa kansa cewa goben nan ba za ta zo ba.

Darasin da marubuci zai ɗauka a nan shi ne sau da yawa mutum bai manta gaba ɗaya ba. Yana sane da rabin zuciyarsa, yana kawar da kai da ɗaya rabin. To mene ne goben malamin gona? Dawowa birni. Da aka tura shi ƙauye an ce masa na ɗan lokaci ne. Shekarar farko ya tuna da maganar motar, ya ce ba amfanin sokewa tunda ya kusa dawowa. Shekara ta biyu ya rubuta takardar neman canji. Ta uku ya kai wa wani babba gaisuwa da buhun gero. Daga nan ya daina tunawa, domin tuna motar yana tafe da tuna alkawarin da ba a cika ba. Katin kuwa bai jefar ba, yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardar ɗaukarsa aiki da hoton aurensa. Da zarar an dasa wannan, tambayar 'yarsa ta sami haƙora. Ba za ta tarar da uban da bai sani ba, za ta tarar da uban da ya ce, "Bar wannan, ci gaba da sauran," ya tashi ya ɗauki buta alhali lokacin salla bai yi ba.

A wannan gaɓar marubuciyar ta kawo hujja mai ƙarfi. Ta ce, "Malam, ai kenan mun wanke ma'aikatar. Su ne suka canza masa wuri, su ne ke cire kuɗin. Hannun dama bai san abin da hagu ke yi ba?" Ta yi gaskiya, kuma labarin da ya ɗora wa mutumin laifi duka ya yi rashin adalci. Ofishin da ke canjin wurin aiki daban, ofishin albashi daban. Umarnin cirewa, da zarar ya shiga, ba ya fita sai an kawo wata takardar da ta ce a fitar da shi. Shiga da sa hannu ɗaya ne, fita kuwa sai mutum ya yi tattaki daga ƙauye, ya rubuta wasiƙa, ya bi ta tebur-tebur. Ba lallai a sami ɓarawo ko ɗaya a cikin tsarin ba, tsarin ne aka gina shi da ƙofar shiga mai faɗi da ta fita mai ƙunci. Labari mai kyau zai riƙe gaskiyar biyu tare. Hanyar yin haka ita ce fage ɗaya a ofishin albashi, da akawu matashi wanda ba mugu ba ne. Ya duba na'urarsa cikin ladabi ya ce, "Baba, ai ba ka rubuto a tsayar ba." Jimlar nan gaskiya ce tsantsa, kuma zalunci ce tsantsa. Marubuci ya bar ta haka, kada ya sa mata gishiri.

Sai dutse na uku, wato inda za a ajiye ganowar da abin da zai biyo bayanta. Marubuta da yawa sukan ajiye ta a layin ƙarshe, kuma na san inda suka gado wannan. A 1884 marubucin Faransa Guy de Maupassant ya fitar da gajeren labarinsa na sarƙar wuya, La Parure. Matar wani ƙaramin ma'aikaci ta ari sarƙar lu'ulu'u wurin ƙawarta don zuwa biki, ta ɓatar, ita da mijinta suka ci bashi suka sayi madadinta a kan faran 36,000, suka yi shekara goma suna biya cikin wahala. A ƙarshe ta ji daga bakin ƙawar cewa sarƙar ta jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba. Nan labarin ya tsaya, kuma tsayawar ta yi daidai. Dalili shi ne mun riga mun ga shekaru goman da idonmu: mun ga matar tana wanke-wanke da ɗaukar ruwa, mun ga ƙuruciyarta ta zube. Ganowar ta zo ta juya ma'anar wahalar da muka sha tare da ita.

Labarin malamin gona akasin haka ne. Shi bai sha wahalar biya ba, domin bai ji fitar kuɗin ba. Ba wasu shekarun azaba da za a nuna. In aka ɓoye ganowar zuwa ƙarshe, shafuka uku na farko za su zama fanko, mutum yana zuwa gona yana dawowa ba tare da mai karatu ya san abin da yake jira ba. Saboda haka a wannan irin labarin ganowar ta zo da wuri, a sakin layi na farko ko na biyu, sauran labarin ya zama tafiya baya don gano dalili da tafiya gaba don ganin abin da zai yi. Ga gajeren labari mai kalma dubu zuwa dubu da ɗari biyar, fage huɗu sun isa: tabarma da takardu, akwatin ƙarfe da daddare, ofishin albashi, sai fagen rufewa.

Fagen rufewar ne muka fi daɗewa a kansa. Na farko da ya zo mana shi ne a mayar masa da kuɗinsa, ya fito yana murmushi. Muka watsar, domin wanda ya taɓa bin haƙƙinsa a ofis ya san kuɗin shekara goma sha ɗaya ba sa fitowa da ziyara ɗaya, balle ga sa hannunsa a kan takarda. Na biyu shi ne a ce motar ma ta lalace tun shekara ta biyu, ana ta cirar kuɗi a banza. Wannan yana da daɗin ba da haushi, amma yana mai da labarin rahoton almundahana, ya ɗauke hasken daga kan mutumin. Na uku shi ne nasihar da marubuciyar ta rufe da ita tun farko. Mun gaji rufe labari da darasi daga tatsuniya da kuma littattafai irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kuma a can ya dace, domin akwai aku mai ba da labari da masu sauraro a gabansa da ake son su ɗauki hankali. A labarin da ba shi da irin wannan mai ba da labari, nasihar takan fito kamar marubuci ya leƙo ta taga ya katse mutanensa. Kuma nasihar "ku riƙa duba takardunku" ta yi wa wannan labarin kaɗan. Mai karatu ya riga ya ɗauke ta tun a shafin farko, wataƙila ma ya ajiye mujallar ya duba saƙonnin bankinsa.

Rufewar da muka tsaya a kanta ta fito ne daga wata tambaya mai sauƙi: mutumin da ya biya kujera wata 132, me zuciyarsa za ta fi so? Ya zauna a kanta. Ya kwana a birni wurin ƙaninsa don ƙarasa takardun fansho. Da sassafe ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki katin, ya tsaya a inda motar ke ɗaukar ma'aikata. Ta zo cike. Ya miƙa wa direba katin, direban ya juya shi gaba da baya, ya dubi baƙin gemun da ke hoton, ya dubi furfurar da ke gabansa, ya ce an daɗe da daina irin wannan katin, amma ya shigo. Ba wurin zama. Yana tsaye riƙe da ƙarfe, sai wani yaro sabon ɗauka ya miƙe ya ce, "Baba, zauna nan." Ya zauna, ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Nan muka sa aya. Kujerar da ya biya wa naira 158,400 an ba shi ita sadaka saboda furfura, ya kuma yi godiya. Ba a faɗi ko zai bi kuɗinsa ba, ba a faɗi abin da ke ransa ba. Komai da mai karatu ke buƙata don ya ji nauyin wannan godiyar an riga an ba shi: lissafin, litocin fetur, buhun geron, akwatin ƙarfe.

Wanda ke son gwada nasa labarin a kan wannan jigo yana iya auna shi da abu guda. Ya cire abin da mutumin ke biya, ya sa wani a madadinsa. In labarin bai girgiza ba, in waƙar waya da kujerar mota da akwatin gidan waya duk za su iya zama a gurbi ɗaya ba tare da an canza komai ba, to har yanzu labarin na kuɗi ne, bai zama na mutum ba. A namu, in ka cire motar ka rushe komai, domin motar birni ce, shi kuma birnin yake jira.

Marubuciyar ta tattara takardunta za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, to 'yar fa? Ita ta gano, kuma mun bar ta a kan tabarma." Na ce ta yi tunani a kai. Bayan kwana uku ta aiko mini da sabon rubutu. Ta ƙara layi biyu kafin fagen motar: da asuba uban ya buɗe akwatin bai ga katin ba, sai ya same shi a aljihun babbar rigarsa, wadda 'yar ta goge masa da daddare ta rataye. Ban taɓa ko harafi ɗaya a wurin ba.